Kashewa ta ragu, riba kuma ta ɓace: lissafin wani gidan bulo a Tawa

«Malam, ina da gidan buga bulo a nan Tawa. Na yi kasafin bulo 12,000 a wata a kan sefa 2,520,000. Watan jiya na kashe 2,396,000 kawai, amma da na sayar ban ga riba ba. Bulo 10,000 ne suka fita masu kyau. Raina ya fi karkata ga yaron da ke riƙe da magaza, ina zaton siminti yake kwashewa. Ga hotunan littafina da faktir-faktir na watan. Ta ina kuɗina suka bi?»

Alhaji, kafin ka ce wa yaron nan komai, ka ba ni dama mu bi littafinka tare. Na duba shi shafi-shafi, kuma abin da na gani bai yi kama da sata ba.

Kuskuren farko yana wurin abin da ka auna da shi. Ka ɗora kashewar da ta ba ka bulo 10,000 a kan kasafin bulo 12,000, sai ka ga kamar ka yi rarar 124,000. Wannan rara ba ta wanzu ba. Wanda ya yi cefanen baƙi goma sha biyu, goma suka zo, bai kamata ya yi murna don tukunya ta ɗan rage ba, sai ya tambayi nawa abincin mutum goma ya kamata ya ci. Tambayar da za ka yi wa kowane wata ita ce: bulon da na samu a zahiri, nawa ya kamata su ci ni? Amsar wannan tambaya tana buƙatar abin da mu masu lissafin masana'anta muke kira tsayayyen kuɗin ƙira, wato kuɗin da aka yanke tun kafin a fara aiki cewa bulo ɗaya zai ci idan komai ya tafi yadda aka saba. Ni ina kiransa ma'auni, don ya fi sauƙin faɗa. Bambancin da ke tsakanin ma'auni da abin da ya faru shi ne tazara. Kontabul ɗin da ya yi karatu da Faransanci zai ce maka ekar, abu ɗaya ne.

Ma'aunin da ke ɓoye cikin kasafinka

Ka riga ka gina ma'auni ba tare da ka sa masa suna ba. A shafin farko ka rubuta cewa buhun siminti mai kilo 50 yana ba ka bulo 40 masu kyau, kuma kana sayensa 5,000. Ke nan kowane bulo yana cin siminti na sefa 125. Kamyon yashi 30,000 ne, yana isar bulo 1,000, wato sefa 30 kowane ɗaya. Leburanka biyar ne, kowa 2,500 a yini, suna fitar da 500 a rana, don haka yinin mutum ɗaya bulo 100 ne, bulo ɗaya kuma sefa 25. Saura sauran ɗawainiya, wadda ba za ka iya nuna ta a jikin bulo ba: gazuwal ɗin inji da ruwa, da ka ƙiyasta 120,000, sai hayar fili, albashin mai gadi da na mai magaza da tsufan inji, 240,000. Idan aka raba su a kan 12,000, na farkon sefa 10 ne, na biyun 20. Haɗa duka: 125 da 30 da 25 da 10 da 20, bulo ɗaya sefa 210.

To bulo 10,000 a kan 210 ya kamata su ci 2,100,000. Sun ci 2,396,000. Ka wuce ma'auni da 296,000. Bulon da kake sayarwa 250 kana sa ran ribar 40, a wannan wata ya tsaya maka kusan 240, ribar ta koma 10. Nan ribarka ta shiga. Abin da ya rage shi ne mu tsaga wannan 296,000 gida-gida, domin dunƙulallen adadi ba ya gaya wa mutum wanda zai kira ko abin da zai gyara.

Siminti da yashi

Kowane kayan aiki hanya biyu yake cin mutum: ko ka saye shi da tsada, ko ka yi amfani da shi fiye da kima. Ana raba su ne don ba hannu ɗaya ke riƙe da su ba. Farashi yana hannun mai saye, wato kai. Yawan abin da aka zuba yana hannun masu kwaɓi.

Faktir ɗinka sun nuna buhu 275 a kan 5,200 a tsaka-tsaki, jimla 1,430,000. Ma'auni ya ce bulo 10,000 buhu 250 suke buƙata a kan 5,000, wato 1,250,000. Tazarar siminti 180,000 ke nan. Don fitar da ta farashi, sai ka ɗauki ƙarin da ke kan buhu ɗaya, sefa 200, ka ninka da buhunan da aka yi aiki da su a zahiri, 275. Ya ba da 55,000. Don fitar da ta yawa, sai ka ɗauki buhu 25 da suka ƙaru ka ninka da farashin ma'auni, 5,000, ba farashin da ka saya ba. Ya ba da 125,000. Dalilin amfani da farashin ma'auni a nan shi ne adalci: bai kamata tsadar kasuwa ta ƙara nauyin laifin mai kwaɓi ba, shi da bai je kasuwa ba.

Wancan 55,000 ba shi da wani sirri. Na lura a farkon wata ka saya da yawa a tashi ɗaya, daga baya kuma ka koma sayen buhu goma, buhu goma sha biyar a kanti cikin gari. Duk da Malbaza, inda masana'antar siminti take, tana cikin jaharmu, wanda yake sayen siminti kaɗan-kaɗan yana biyan ribar ɗan kanti da kuɗin ɗauka sau da yawa. Wannan tazara taka ce, kuma maganinta tsara lokacin saye.

Buhu 25 ɗin nan su ne suka sa ka zargi yaron, kuma ban ga laifinka ba. Amma dubi yashi. Ka sayi kamyo 11 a kan 27,000, jimla 297,000, alhali ma'auni kamyo 10 ne a kan 30,000, wato 300,000. Wanda ya kalli jimla kaɗai zai ce yashi lafiya lau, har da rarar 3,000, ya wuce. Idan ka tsaga shi sai ka ga abu biyu manya sun rufe juna: rarar farashi 33,000, wato 3,000 sau 11, da asarar yawa 30,000 ta kamyo ɗaya da ya ƙaru.

Yanzu ka ajiye adadin biyu gefe da gefe. Buhu 275 sau 40 bulo 11,000 ne. Kamyo 11 sau 1,000 shi ma 11,000 ne. Siminti da yashi sun ƙaru daidai wa daida, kashi goma cikin ɗari kowanne. Ɓarawon siminti ba ya ɗaukar yashi ya raka shi. Da a ce buhu 25 sun fita ta ƙofar baya, da yashi ya tsaya a kamyo 10. Abin da adadin nan ke faɗa shi ne an kwaɓa kayan bulo 11,000, an buga su, 1,000 ba su kai ga mai saye ba. Ka je bayan fili ka dubi tarin fasassu. Ina kyautata zaton za ka same shi ya fi na kowane wata girma.

Me ya fasa su? Sabon yashin nan mai arha shi zan fara tuhuma. Yashin da ke da laka ko ƙura da yawa ba ya barin siminti ya kama ƙwayar yashi sosai, yana kuma shan ruwa fiye da kima, sai bulo ya bushe da rauni, kusurwarsa tana zubewa wajen ɗagawa. Gwajinsa ba ya cin ko dala: ka zuba yashin rabin kwalba mai haske, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta ƙasa, laka ta yi shimfiɗa a sama. Ka yi haka da tsohon yashin da sabon, ka kwatanta kaurin shimfiɗar. Abu na biyu shi ne shayarwa. Siminti da ruwa yake ƙarfi, ba da rana ba, kuma a zafin Afrilu da Mayu na Tawa, ko lokacin busasshiyar iskar hunturu, bulon da bai sha ruwa safe da yamma ba a kwanakinsa na farko yana tsagewa ko da yashin ya fi kowane kyau. Lissafi ba zai iya raba maka waɗannan biyun ba, kwalba da ido ne za su raba.

Ladan lebura

A nan ma gida biyu ne, kuɗin yini da yawan yini. Littafinka ya nuna an biya yini 115, jimla 299,000, wato 2,600 a tsaka-tsaki. Bulo 10,000 yini 100 suke buƙata a kan 2,500, wato 250,000. Tazara 49,000. Ƙarin sefa 100 sau 115 ya ba da 11,500, kuma na ga asalinsa: ranakun da ka ɗauko ƴan cike gurbi a kan 3,000. Ƙaramin abu ne. Yini 15 da suka ƙaru sau 2,500 su ne 37,500, kuma wannan ake kira tazarar ƙwazo.

Sunan yana yaudara, domin yana sa mai gida ya ɗauka lebura sun yi kasala. A cikin yini 15 ɗin, 10 sun tafi ne wajen buga bulon nan 1,000 da suka fashe. Mutanen sun yi gumi, sun buga a saurin da aka saba, kayan ne bai tsaya ba. Sauran 5 kuwa rana ɗaya ce da ka rubuta «inji ya lalace», mutum biyar suka wuni zaune kuma ka biya su, kamar yadda ya dace. Da ka cire waɗannan biyu, babu yini ko ɗaya da ya rage da za a ɗora wa kasala. Shi ya sa nake roƙon duk wanda nake yi wa lissafi ya riƙa rubuta ranar zaman jira daban, da dalilinta: lalacewar inji, yankewar ruwa, ƙarewar siminti. In ba a rubuta ba, sai ta narke cikin tazarar ƙwazo, a yi wa bayin Allah faɗan da bai shafe su ba.

Na san gidajen bulo da yawa ba da yini suke biya ba, da buhu suke biya. Wanda ke biya haka ba zai ga tazarar zaman jira ba, amma zai ci gaba da biyan ladan bulon da ya fashe, kuma ya ba masu kwaɓi dalilin gaggauta ƙarar da buhu. Biya a kan bulo mai kyau da aka ƙirga bayan ya bushe ya fi kusa da abin da kake so, sai dai ba adalci ba ne ka yi haka alhali kai kake zaɓen yashi.

Ɗawainiyar da ba a gani a jikin bulo

Wannan ɓangare shi ya fi rikita mutane, don haka mu tafi a hankali. Ka kashe 370,000: gazuwal da ruwa 128,000, tsayayyun kuɗi 242,000. Bulo 10,000 a kan sefa 30 sun ɗauke 300,000 kawai. Tazara 70,000. Tunda injinka yana aiki ne gwargwadon yadda mutane ke aiki, za mu auna ɗawainiya da yinin lebura. Watan kasafi yini 120 ne, don haka kowane yini yana ɗauke da 1,000 na gazuwal da ruwa da 2,000 na tsayayyun kuɗi, 3,000 gaba ɗaya.

Tambaya ta farko: da yini 115 da aka yi, nawa ya kamata ka kashe? Haya da albashi ba su san yawan aiki ba, suna nan 240,000. Gazuwal da ruwa 115,000. Jimla 355,000. Ka kashe 370,000, ke nan 15,000 sun fita daga aljihunka fiye da kima. Wannan ita ce tazarar kashewa, kuɗi ne na gaske, kuma 13,000 daga ciki a gefen gazuwal da ruwa suke. Injin da ke shirin lalacewa yakan fara da shan mai, sai ka tambayi makanikenka.

Ta biyu: yini 120 aka shirya, 115 aka yi. Yini 5 da ba a yi ba, kowanne ya bar 2,000 na haya da albashi babu mai ɗauka, 10,000 ke nan. Ta uku: a cikin 115 da aka yi, 100 ne kaɗai suka haifar da bulo mai sayuwa, sauran 15 sau 3,000 sun ba da 45,000. Haɗa 15,000 da 10,000 da 45,000, ka dawo kan 70,000. A tsarin da ake koyarwa a makarantunmu masu bin Faransanci haka ake tsaga ta gida uku. Littattafan Ingilishi sukan fara raba ɗawainiya mai canzawa da tsayayya su tsaga kowace daban, amma jimlar ɗaya take fitowa.

Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne cewa ba duka 70,000 ɗin ne suka fita daga akwatinka ba. A ciki akwai 40,000, wato sefa 20 sau bulo 2,000 da ba ka kai ba, waɗanda ba wanda ya karɓe su. Hayar filin ba ta ƙaru ba, mai gadi bai nemi ƙari ba. Kawai kuɗin da aka shirya wa kawuna 12,000 ne ya faɗa kan kawuna 10,000. Na sha ganin masu gida suna neman irin wannan kuɗi a aljihun ma'aikata, wasu kuma suna ƙoƙarin maganinsa da rage albashin mai gadi. Maganinsa ɗaya ne, a buga bulo masu kyau da yawa. Shi ma da sharaɗi: sai akwai mai saye. Wanda ya cika fili da bulo lokacin da gini ya tsaya don kawai wannan tazara ta yi kyau a takarda, ya binne kuɗin simintinsa a rana.

Idan ka tattara abin da bulon nan 1,000 suka ci, siminti 125,000, yashi 30,000, lada 25,000, ɗawainiya 30,000, ka sami 210,000 daga cikin 296,000. In kwalba ta tabbatar da yashi ne, to rarar 33,000 da ka samu wajen mai kamyo ita ta jawo wannan duka. Tazara ɗaya mai daɗin gani ta haifi huɗu masu ciwo a wasu shafuka daban, kuma wanda ke karanta kowane layi shi kaɗai ba zai taɓa haɗa su ba.

Rara ma abin tuhuma ce

Shekarun baya na riƙe lissafin wani gidan bulo a Yamai. Mai gidan ya ga tazarar siminti tana fitowa da asara, sai ya yi wa shugaban masu kwaɓi alkawarin tukuici duk watan da ta juya rara. Ta juya kuwa, wata uku a jere, buhu yana ba da 48, har 50. Ni ma na yi murna da farko, kuma har yau abin yana damuna, domin ni ya kamata in fara tambaya. A wata na huɗu wani ɗan kwangila ya dawo da kamyo guda, magina suna murƙushe bulon da hannu a gabanmu. Tun daga nan duk tazarar yawa da ta yi rara sosai ina binta kamar yadda nake bin ta asara. A sana'arka ta fi haɗari ma, domin bulo mai ƙarancin siminti katangar ɗakin da mutane za su kwana a ciki zai zama.

Wannan ya kawo mu ga shi kansa ma'aunin. Bulo 40 ɗinka ya kamata ya zama abin da masu aiki na gari ke samu a rana ta yau da kullum, an riga an cire ƴar fashewar da ba makawa, ba abin da aka taɓa samu sau ɗaya a ranar sa'a ba. Ma'aunin da ba a iya kaiwa yana fitar da asara kowane wata har mutane su daina kallonsa. Haka farashi: idan siminti ya zauna a 5,200 wata uku kuma ba don sayen kaɗan-kaɗan ba, ka canza ma'auni, ka sake duba farashin sayarwarka. Amma kada ka canza shi duk lokacin da kasuwa ta motsa, domin mudun da ke sauya girma kullum ba ya auna komai. In gidanka ya kai ga miƙa lissafin ƙarshen shekara bisa Siskohada, ƙa'idar lissafin kuɗin kamfanoni da ƙasarmu ke bi, wadda sabon tsarinta ya fara aiki a Janairun 2018, ka gaya wa kontabul ɗinka cewa da 210 kake kimanta bulon da ke fili, don ya duba ko ya yi kusa da kuɗin gaske. Asarar bulon da suka fashe fiye da kima ta watan ce, ba a lulluɓe ta cikin darajar kayan da suka rage.

Akwai inda wannan lissafi ya tsaya. Ya dogara kacokan ga abin da aka rubuta, kuma yana nuna wurin da za a duba ne, ba ya kama kowa. Daidaituwar siminti da yashi hujja ce mai ƙarfi a wajen yaronka, amma tana tsaye ne a kan cewa kamyo 11 sun shigo a cike kuma an ƙarar da su cikin watan. Idan akwai tudun yashi da ya rage a fili ranar ƙarshen wata, ko buhunan da ke magaza ba a ƙirga ba, adadin zai sauya. Littafinka ya rubuta abin da aka saya, bai rubuta abin da aka fitar zuwa wurin kwaɓi ba, kuma nan ne babban giɓinsa.

Daga gobe ka buɗe shafi mai layi huɗu, a cika shi kowace yamma: buhu nawa suka fita daga magaza, bulo nawa aka buga, nawa aka ƙirga masu kyau ranar ɗagawa, mutum nawa suka yi aiki. Mai magaza ya sa hannu a layin farko, shugaban masu kwaɓi a na biyu, kai ko wakilinka a na uku. Duk ranar da buhu 13 suka fita aka buga 500 babu damuwa, amma ranar da 15 suka fita a kan 500 ɗin, ko aka buga 500 aka ɗaga 450, za ka sani cikin kwanaki, tun kamyon yashin da ya jawo abin bai ƙare ba. Ka aiko min da shafin bayan mako biyu tare da hoton kwalaben nan biyu.